Agogon Baba Yana Gudu: Yadda Ake Rubuta wa Mai Gyara Kafin a Miƙa Masa

A gidaje da yawa akwai tsohon agogon hannu da aka gada, galibi Seiko 5 da wani dattijo ya riƙo tsaraba daga Makka, ko wani ɗan Suwizalan da ake yi wa wani kowace safiya. Irin waɗannan agogai ba su da batir. Ƙarfe ne yake tura ƙarfe a cikinsu, kuma idan aka kula da su suna iya yi wa jika aiki kamar yadda suka yi wa kaka. Amma ranar da magaji ya fito da agogon daga akwati ya ɗaura, sau da yawa sai ya tarar yana gudu. Ya saita shi da asuba, kafin la'asar ya riga agogon waya da minti biyu, washegari ya ba shi ratar minti huɗu.

Masu gyaran agogon da suka san cikin irin wannan inji sun yi ƙaranci, tun bayan da agogon batir ya cika kasuwa. Kamfanin Seiko ne ya fara sayar da agogon hannu na batir mai ƙirga lokaci da ƙanƙarar dutse a watan Disamba na 1969, kuma cikin shekaru kaɗan sana'ar ta koma canjin batir da sa madauri. Saboda haka mai tsohon agogo yakan ji labarin gwani a wani gari mai nisa, ya zama dole ya rubuta masa kafin ya aika da kayansa. Ko a takarda aka rubuta ko a saƙon waya, wasiƙar ce take raba gyaran da zai raya agogon da wanda zai ƙarasa shi. Wanda ya rubuta "agogona yana gudu, nawa za ka gyara?" bai ba mai gyara abin da zai yi ƙiyasi a kai ba, domin gudun agogo alama ce kawai. Maganinta yana iya zama aikin minti ɗaya, yana iya zama aikin kwanaki.

Me ke sa agogo gudu

A cikin agogon akwai babban sifirin naɗe a cikin ɗan gwangwaninsa. Shi ne ma'ajiyar ƙarfi. Idan aka yi wani, ko kuma motsin hannu ya juya ƙarfen da ke lilo a bayan injin, sifirin ɗin ya ɗaure, sai ya riƙa warwarewa a hankali yana tura ƙafafu masu haƙora har zuwa hannuwan da ke nuna lokaci. Abin da ke hana shi warwarewa gaba ɗaya shi ne wata 'yar ƙafa da masu gyara suke kira balans, wadda take juyawa dama ta dawo hagu ba tsayawa. A tsakiyarta akwai wata siririyar waya, wadda kaurinta bai kai na gashin kai ba, naɗe zagaye-zagaye. Wannan wayar ce take dawo da balans duk lokacin da ya juya, kuma tsawonta ne yake yanke saurin bugun agogo.

Duk wanda ya taɓa ɗaura wa yara lilo a reshe ya san cewa gajeriyar igiya ta fi doguwa saurin kai da komowa. Haka wayar balans take. Duk abin da ya rage tsawon ɓangarenta mai aiki zai sa agogo gudu. Injin Seiko 5 mai lamba 7009 yana bugu shida a sakan, wato 21,600 a awa, 518,400 a yini da dare. Agogon da ke ƙara minti huɗu a rana bugu 1,440 kawai ya ƙara a kan wannan adadi. Kuskuren bai kai kashi ɗaya cikin ɗari uku ba, amma ya isa ya sa mutum ya riga liman zuwa masallaci da kusan rabin awa idan aka yi mako ba a saita ba.

Abubuwa huɗu ne suka fi jawo haka. Na farko maganaɗisu. Idan agogo ya kwana a kan lasifikar rediyo, ko ya riƙa goguwa da maɓallin jaka ko murfin waya mai mayen ƙarfe, sassan injin suna ɗaukar maganaɗisu, zagayen wayar su manne da juna, tsawonta ya ragu. Na biyu mai. Idan ɗigon mai ya malalo kan wayar, shi ma yana manne zagayen, kuma alamar iri ɗaya ce da ta maganaɗisu. Na uku faɗuwa ko bugu, wanda yake iya sa wayar ta harɗe ko ta maƙale a inda bai kamata ba, ko ya gusar da ɗan hannun saiti da ke kan balans. Na huɗu shi ne ya fi yawa a agogon da ya daɗe a ajiye, wato bushewar mai. Mutane da yawa suna zaton agogo mai datti latti kawai zai yi, amma sau da yawa gudu yake yi. Ƙarfi ba ya isa ga balans sosai, sai ya daina buɗe juyinsa, ya riƙa gajeren kai da komowa, bugun ya ƙaru. Zafin bazara da ƙurar hunturu suna gaggauta wannan, musamman idan robar da ke toshe murfin baya ta tsufa ta bar gumi da ruwan alwala suna shiga.

Awon mako guda kafin a ɗauki alƙalami

Mai agogo ba zai iya buɗe injin ya gano wanne ne cikin huɗun ba, kuma bai kamata ya gwada ba. Abin da zai iya shi ne awo, kuma awon ne zuciyar wasiƙar. Ya zaɓi lokaci ɗaya a kowace rana, misali ƙarfe bakwai na safe, ya kwatanta agogon da na wayar salula, ya rubuta ratar har da sakan. Injin 7009 ba ya tsayar da hannun sakan idan an ja maɓallin gefe, saboda haka ba za a iya saita shi daidai da sakan ba. Wannan ba matsala ba ce. A rubuta ratar ranar farko, a riƙa cire ta jiya daga ta yau.

Wannan injin kuma ba a yi masa wani da yatsa, motsin hannu kaɗai ke ɗaure sifirinsa. Dole a ɗaura shi yini sosai a kwanakin awon, domin agogon da bai ƙoshi da wani ba zai ba da lissafin ƙarya. Da dare a rubuta yadda aka ajiye shi: fuska sama, fuska ƙasa, ko a tsaye a gefensa. A rana ta ƙarshe a cire shi bayan an yi yini da shi, a ajiye, a ga awa nawa zai yi kafin ya tsaya. Mai lafiya yakan kai wajen awa arba'in. Idan ya mutu cikin awa goma sha biyar, ko dai babban sifirin ya gaji, ko injin ya yi nauyi, ko kuma sashen da ke yin wani da motsin hannu ya ci.

Lissafin da kansa yana magana. Agogon da ke ƙara sakan ashirin ko talatin kullum, ba ragi ba ƙari, galibi saiti kawai yake so. Wanda ya tashi dare ɗaya ya koma ƙara minti goma, ko rabin awa, wayar balans ce ta manne ko ta harɗe. Wanda kuma yau ya ƙara minti biyu, gobe biyar, kuma yana canza hali gwargwadon yadda aka kwantar da shi, wannan yana nuna bushewar mai ko cin ƙarfe.

Akwai gwaji ɗaya na gida da ba ya cutar da komai. A ajiye kamfas irin na duba alƙibla a kan tebur, a jira allurarsa ta natsu, sannan a matso da agogon a hankali ana jujjuya shi. Idan allurar ta fizga tana bin agogon, akwai maganaɗisu. Ɗan motsi kaɗan ba hujja ba ne, domin ƙarfen da ke cikin kowane agogo yana iya ɗan jan allura.

Abin da ke rubuce a bayan agogo

Cewa "Seiko 5 ne" bai wadatar ba, domin tun 1963 ake yin agogo da wannan suna, da injuna iri-iri. A murfin baya akwai lambobi biyu haɗe da ɗan layi a tsakani. Huɗun farko su ne lambar inji, kamar 7009 ko 6309 ko 7S26, huɗun baya kuma lambar gida. Akwai kuma wata lambar dabam, galibi mai adadi shida, wadda adadinta na farko yake nuna ƙarshen shekarar da aka ƙera agogon, na biyu kuma wata. Da lambar inji mai gyara yake sanin ko yana da kayan canji. Injin 7S26, wanda ya fito a 1996, kayansa sun fi sauƙin samu. Na 7009 kuwa sau da yawa sai an ciro su daga mataccen agogo irinsa, kuma wannan yana shafar kuɗi da tsawon jira. A haɗa da hotuna uku masu haske: fuska, baya, da gefen da maɓalli yake.

Wasiƙar kanta

A ɗauka mai agogon ya gama awonsa na mako. Ga yadda wasiƙar za ta iya kasancewa:

"Assalamu alaikum, Malam. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, ya aiki, ya iyali?

"Ina da agogon Seiko 5 da na gada daga mahaifina, Allah ya jiƙansa. Lambar injinsa a murfin baya 7009 ce, na kuma haɗo hotunansa. Ya yi fiye da shekara goma a akwati ba a ɗaurawa, kuma babu wanda ya san ranar da aka yi masa sabis na ƙarshe. Tun da na fara ɗaura shi bai faɗi ba, bai shiga ruwa ba.

"Matsalarsa gudu. Na auna shi kwana bakwai da agogon waya, ina ɗaura shi tun safe har dare. Daren da ya kwana fuska sama yakan ƙara kusan minti uku a rana. Daren da ya kwana a gefensa yakan ƙara kusan minti biyar. Da na ajiye shi bayan yini guda a hannu, ya tsaya bayan awa ashirin. Na gwada shi da kamfas, allurar ba ta yi wani motsin kirki ba. Kwanan wata yana canzawa daidai, amma gilashin ya karce.

"Ina roƙon ka duba shi ka faɗa mini abin da ka gani kafin ka fara aiki. Idan kana da na'urar auna bugu, ka turo mini sakamakon kafin gyara da bayansa. Ka rubuto mini kuɗin dubawa, kuɗin cikakken sabis, da kuɗin kowane abu da kake ganin sai an canza, kowanne dabam. Idan ka buɗe ka tarar da abin da zai ƙara kuɗi, ka dakata ka tuntuɓe ni tukuna.

"Don Allah kada a goge gidan agogon da injin gogewa, kada a canza fuska ko hannuwa, kada kuma a canza injin gaba ɗaya ba da sanina ba. Gilashi da robar murfi a canza su. Duk abin da aka cire a dawo mini da shi. Ina so in san kwana nawa aikin zai ɗauka, sakan nawa a rana kake sa ran zai riƙa kuskurewa bayan gyara, da tsawon garantin da kake bayarwa.

"Na gode. Allah ya ƙara basira, ya yi wa sana'a albarka."

Gwani yana karanta wannan zai fara hango inda ciwon yake. Kamfas bai nuna maganaɗisu ba. Ratar minti biyu tsakanin kwanciya da tsayuwa tana nuna balans ba ya juyi da ƙarfi. Awa ashirin a maimakon arba'in ta ƙara tabbatar da cewa ƙarfi yana ɓacewa a hanya. Shekara goma a akwati ta ba da dalili. Duk alamun sun taru a kan busasshen mai, watakila da gajiyar sifirin. Saboda haka zai iya cewa tun daga nesa wannan aikin cikakken sabis ne, ya faɗi kuɗinsa, ya bar ƙofa a buɗe ga abin da ido zai gani bayan an buɗe murfi.

Sakin layin da ke hana wasu ayyuka yana da dalili. Mai gyara yakan so ya mayar da agogo yana ƙyalli, kuma da kyakkyawar niyya. Amma injin gogewa ƙarfe yake ci, yana dasashe kusurwoyin gida, abin da ya ci kuma ba ya dawowa. Fuskar da ta ɗan yi ja saboda shekaru ita ce wadda mahaifinka ya riƙa dubawa. Haka kuma a agogo mai sauƙin kuɗi irin wannan, hanya mafi sauri ita ce a zare injin a sa wani. Wani lokaci hakan ne mafita, amma mai agogo ne ya kamata ya yanke shawarar, yana sane.

Yadda ake karanta amsar mai gyara

Na'urar auna bugu tana sauraren ƙarar agogo ta fitar da lambobi uku. Ta farko sakan nawa yake ƙarawa ko ragewa a rana. Ta biyu faɗin juyin balans, wanda ake aunawa da digiri. Ta uku bambancin da ke tsakanin bugun dama da na hagu. Ta biyun ce ta fi faɗin gaskiyar lafiyar inji. Agogon Suwizalan mai lafiya, cike da wani kuma fuska sama, yakan juya tsakanin digiri 270 da 310. Tsofaffin injunan Seiko sukan yi ƙasa da haka ko da lafiyarsu ƙalau. Amma idan juyin ya sauka ƙasa da 200 alhali wani ya cika, injin yana neman wanki da mai.

A nan ake gane gyaran ganin ido. A kan balans akwai ɗan hannun saiti da ake gusarwa wajen alamar ƙari ko ta ragi. Kowa zai iya tura shi ya sa agogon ya yi daidai a kan tebur na awa ɗaya. Amma idan mai ya bushe, ƙarfe yana ci gaba da cin ƙarfe a ɓoye, kuma bayan makonni gudun zai dawo, ko agogon ya tsaya. Haka nan tsoma injin dungurungum a fetur a hure shi sannan a ɗiga masa man keken ɗinki ba sabis ba ne. Man zai bi ko'ina har kan wayar balans, ya haifar da ainihin gudun da aka zo gyarawa. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Cikakken sabis yana nufin a kwance injin ɗaya bayan ɗaya, a wanke kowane sashe, a duba shi da madubin ƙara girma, a canza abin da ya ci. Sannan a mayar ana sa mai iri dabam-dabam a gurabe dabam-dabam, ɗigon da ido da kyar yake gani, a kan ƙananan jajayen duwatsun da ƙafafun ke juyawa a cikinsu. Bayan haka a cire maganaɗisu, a saita agogon a kwance da a tsaye, a bar shi yana aiki kwanaki ana lura da shi. Wanda ya ce zai yi duk wannan kana tsaye kana jira, wani abu dabam zai yi.

Idan kuwa dubawa ta nuna maganaɗisu ne kawai, maganin ɗan akwatin lantarki ne da ake ɗora agogo a kai a janye shi a hankali, aikin da bai kai minti ɗaya ba. Mai gyara na gari zai fara da wannan ya sake aunawa kafin ya ambaci babban aiki. Shi ya sa wasiƙar ta nemi a raba kuɗin dubawa da na sabis.

Sai batun abin da ya kamata a sa rai da shi. Hukumar COSC ta Suwizalan, wadda ke ba agogai shaidar daidaito, tana gwada inji kwana 15 a yanayin ajiya biyar da ma'aunin zafi uku, kuma tana yarda da kuskure daga ragin sakan 4 zuwa ƙarin sakan 6 a rana. Wannan ma'aunin sababbin agogai ne masu tsada. Tsohon Seiko 5 da ya dawo daga sabis yana kuskuren sakan goma zuwa ashirin a rana, kuma yana maimaita hakan kullum, an yi masa aiki mai kyau. Mai gyaran da ya faɗi haka ya fi wanda ya yi alkawarin agogon zai yi daidai da waya cancantar a yarda da shi. Da yawa daga cikinsu ma sukan bar agogo yana ɗan ƙara sakan kaɗan da gangan, domin mutum ya riga lokaci ya fi ya makara.

Wata gaskiya kuma da ya kamata a sani tun kafin amsa ta iso ita ce kuɗin sabis na ƙwarai yana iya zarce kuɗin da agogon zai yi a kasuwa. Aikin kwance inji mai arha da mai tsada kusan ɗaya ne a hannun mai gyara. Idan agogon na sayarwa ne, lissafin ba zai fita ba. Idan na gado ne, mai shi kaɗai ya san darajarsa, kuma ƙiyasi a rubuce shi ne zai ba shi damar yanke shawara kafin a kwance ko da noti ɗaya.

Idan an amince, a cire madaurin a ajiye a gida, a naɗe agogon da ƙyalle mai laushi a cikin ƙaramin akwati mai tauri yadda ba zai yi motsi ba. A ɗauki hotonsa da lambar bayansa a ranar aikawa, a sa kwafin wasiƙar a cikin akwatin, a kuma nemi mai gyara ya tabbatar da isowarsa a rubuce. Ranar da ya dawo, a sake awon mako guda daidai yadda aka yi na farko, a lokaci ɗaya kuma da yanayin ajiya iri ɗaya. Idan lissafin ya dace da abin da aka alkawarta, a rubuta ranar sabis a ajiye tare da tsofaffin kayan da aka cire, domin bayan kamar shekara biyar za a sake buƙatarta. Idan bai dace ba, takardun awon biyu da wasiƙar su ne hujjar da za a koma da ita tun garanti bai ƙare ba.